Me Ya Sa Manhajar Ba Ta San Tambayar Makon Jiya Ba?

Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, akwai ƙorafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a bakin masu amfani da manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira. Mutum zai zauna ya zayyana wa manhaja halin da yake ciki, ta ba shi amsa mai gamsarwa, sai ya dawo bayan mako guda ya tarar kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Wasu sukan ɗauka wayarsu ce ta samu matsala. Wasu su ce ai don ba su biya kuɗi ba ne, wasu kuma su ɗora laifin a kan Hausar da suka rubuta da ita. Abin ya ƙara ruɗewa da aka fara jin masu cewa tasu manhajar tana tuna sunansu da sana'arsu, har da abincin da ba sa ci. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera abin tun daga tushe.

Kaji 47 da suka koma 100

Don a ga matsalar ƙarara, a ɗauki misalin wani gida a Zariya. Uwar malamar kwamfuta ce a makarantar sakandare. Ɗanta ya gama sakandare, yana jiran gurbin jami'a, ya kama kiwon kajin nama, waɗanda ake kira buloila, a bayan gida. Makon jiya ya rubuta wa manhaja cewa ya sayo 'yan tsaki 50, uku sun mutu, saura 47, kwanansu 14, kuma abincin da yake saye buhu mai kilo 25 ne. Ta tsara masa lissafin mako. Yau ya buɗe manhajar, ya danna New chat, ya rubuta tambaya a gajarce a kan buhu nawa zai saya na wannan makon. Amsar da ta fito ta yi lissafi ne a kan kaji 100.

"Umma, dubi wannan abu don Allah," in ji shi. "Makon jiya na gaya mata komai, yau tana yi mini lissafin kaji ɗari."

"A ina ka gaya mata?"

"A nan mana, a wayar nan."

"Ba wayar nake tambaya ba, ɗan nan. A cikin hirar nan da ka buɗe yanzu, ko a wata?"

Ya yi shiru, ya ce a wata ce. Ta karɓi wayar, ta buɗe jerin tsofaffin hirarraki da ke gefe, ta nuna masa ta makon jiya tana nan daram, ba abin da ya ɓace. "To ga shi nan a ajiye," in ji shi, "me ya hana ta dubawa?" Uwar ta ce nan ne gizo ke saƙar: ajiye abu daban, sanya shi a gaban injin daban.

Kuskuren ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin jari. A ƙaddara kowace kaza tana cin giram 100 a rana, don lissafin ya zo da sauƙi. Kaji 47 za su ci kilo 4.7 a rana, wato kusan kilo 33 a mako, buhu ɗaya da kusan sulusi. Kaji 100 kuwa kilo 70 ne, kusan buhu uku. Da yaron bai lura ba, da ya kwashi kuɗin da ya tanada na rigakafi ya zuba a abincin da bai kai ga buƙatarsa ba tukuna.

Abubuwa uku da ake haɗawa wuri guda

Abu na farko shi ne injin harshe, wato abin da ke samar da amsar. Tarin lambobi ne masu ɗimbin yawa waɗanda aka daidaita ta hanyar bi da shi a kan rubuce-rubuce masu yawan gaske, har ya gwanance wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Wannan daidaitawar ita ake kira horo. Injin GPT-3 na shekarar 2020 yana da irin waɗannan lambobi biliyan 175. Horon yakan ci makonni ko watanni, da wutar lantarki da kuɗi masu yawa, kuma da zarar an kammala sai a daskarar da lambobin. Hirar da mutum ya yi da injin yau ba ta sauya ko ɗaya daga cikinsu. Injin da ya amsa wa yaron makon jiya da wanda ya amsa masa yau, in dai kamfanin bai sauya shi da sabo ba, abu ɗaya ne sak, babu wani gurbi a cikinsa da kaji 47 suka shiga.

Na biyu shi ne hirar da ake ciki, wato rubutun da aka miƙa wa injin a daidai lokacin da zai ba da amsa. Wannan kaɗai yake gani game da mai tambaya. Kuma yana da iyaka, wadda ake aunawa da abin da ake kira tokin. Tokin guntun rubutu ne, wani lokaci kalma sukutum, wani lokaci ɓangaren kalma. A Turanci, tokin 100 sukan yi daidai da kalmomi kusan 75. Hausa takan fi cin tokin, saboda na'urar da ke yanka rubutun an fi saba mata da Turanci, sai ta riƙa farfasa kalmomin Hausa gutsi-gutsi, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ.

Na uku shi ne ma'ajiyar kamfani, inda ake adana tsofaffin hirarraki a ƙarƙashin asusun mutum. Jerin nan da uwar ta buɗe daga can yake fitowa. Ma'ajiya ce irin ta kowace manhaja, kamar yadda tsofaffin saƙonni ke zama a akwatin imel. Injin harshe ba ya leƙa ta da kansa. Sai in manhajar ta ɗauko wani abu daga ciki ta liƙa shi a hirar da ake ciki.

To yaya take tunawa a cikin hira guda?

Wannan ita ce tambayar da yaron ya kawo, kuma tambaya ce mai kyau. "Amma Umma, makon jiya da na faɗi adadin kajin tun farko, har ƙarshen hirar ba ta manta ba. Ashe tana iya riƙewa."

"Ba riƙewa take ba," in ji uwar. "Duk sanda ka aika sabon saƙo, manhajar na tattara hirar tun daga layin farko, naka da nata, ta haɗa da sabon saƙon, ta miƙa wa injin gaba ɗaya. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya ba da amsa, shi ke nan ya gama da kai. Ka sake aikawa, a sake miƙa masa duka."

Ta kwatanta masa da asibitin gwamnati mai cunkoso, inda likitan da ke aiki bai san majiyyaci ba, sai abin da ke cikin fayil. In an kawo fayil ɗin, zai yi magana kamar ya san ka shekara da shekaru. In katinka ya ɓata aka buɗe maka sabo, daga farko za a fara, ko da tsohon fayil ɗin yana can a ɗakin ajiya. Danna New chat buɗe sabon fayil ne.

Ana iya auna abin da lambobi. A ce kowace tambayar yaron tokin 100 ce, kowace amsa kuma 400. A tambaya ta farko injin zai karanta 100. A ta biyu zai karanta 600, domin an haɗa da zagayen farko. A ta tara zai karanta 4,100. ChatGPT na farko yana ɗaukar kimanin tokin 4,096 ne kawai, don haka tun a tambaya ta tara an cika, dole wani abu ya fita, kuma galibi farkon hirar ne ke fita, daidai inda mutum ya bayyana ko shi wane ne da abin da yake so. Wannan ya sa masu amfani na farko-farko suka riƙa ganin manhajar ta rikice a tsakiyar doguwar hira.

Iyakar ta faɗaɗa cikin sauri. GPT-4 ya fito a Maris 2023 da tokin 8,192, da wani nau'in mai 32,768. A Mayun shekarar kamfanin Anthropic ya kai injinsa Claude zuwa 100,000. A Nuwamba OpenAI ya kai 128,000, sannan a Fabrairu 2024 Google ya nuna Gemini 1.5 mai ɗaukar miliyan ɗaya. Da lissafin da aka yi a sama, 128,000 za su ɗauki tambaya da amsa sama da 250. Sai dai ba kowace manhaja ce ke ba kowane mai amfani cikakkiyar iyakar injinta ba, kuma faɗin wurin bai kawar da matsalar duka ba. Wani bincike na 2023 da Nelson Liu na Jami'ar Stanford ya yi da abokan aikinsa ya nuna cewa injinan sun fi kama abin da ke farkon dogon rubutu da ƙarshensa, abin da ke tsakiya kuma yakan kuɓuce musu. Kuma komai faɗin iyakar, ba ta tsallaka daga wannan hira zuwa waccan.

Me ya hana a bar ta ta riƙa koyo daga kowa?

Yaron bai gamsu ba. Ya ce in dai ana iya horar da injin da rubutun duniya, ƙara masa maganar kajinsa ba zai gagara ba. Uwar ta tambaye shi mutum nawa yake zaton suna magana da injin a wannan minti. Injin guda ne ke yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane aiki. In da kowace hira tana shiga cikin lambobinsa nan take, to abin da wata mata ta rubuta game da rashin lafiyarta zai iya fitowa a amsar da aka bai wa wani baƙo a wata ƙasa. Wannan ba tsoro ba ne na fatar baki: a ƙarshen 2020 wasu masu bincike sun nuna ana iya tatso sunaye da lambobin waya na ainihi daga injin GPT-2, waɗanda ya haddace daga rubutun da aka horar da shi.

Akwai kuma masu ɓarna. A Maris 2016 kamfanin Microsoft ya saki wata manhajar hira mai suna Tay a dandalin Twitter, wadda aka tsara ta riƙa ɗaukar salo daga masu magana da ita. Wasu suka haɗa baki suka yi ta cusa mata kalaman ƙiyayya da wariyar launin fata, ta fara maimaita su, kamfanin ya rufe ta kafin ta cika kwana ɗaya. Duk mai ƙera irin waɗannan manhajoji ya san wannan labari.

Dalili na uku na sana'ar ne kanta. Idan aka ci gaba da horar da inji da sabon abu ba tare da tsari ba, yakan lalata wani ɓangare na abin da ya iya a da. Shi ya sa kamfanoni ke yin horo a lokaci guda, su gwada, su tace, sannan su saki.

A nan akwai wata gaɓa da ke rikita mutane da yawa. Wasu kamfanoni suna amfani da hirarrakin jama'a wajen horar da injinan da za su fito nan gaba, sai in mutum ya kashe wannan izini a saitin asusunsa. To amma wannan ba tunawa ba ne. Hirar takan shiga cikin tarin miliyoyin wasu, bayan watanni, kuma manufar ita ce injin ya ƙara gwanancewa gaba ɗaya. Babu ranar da sabon injin zai fito ya san cewa wani yaro a Zariya yana da kaji 47.

Waɗanda suka ce tasu tana tunawa

"To abokina fa?" in ji yaron. "Shi tasa ta san ɗinki yake yi, ba ya sake faɗa."

Uwar ta ce abokin nasa bai yi ƙarya ba. A Fabrairu 2024 OpenAI ya fara gwada wani tsari mai suna Memory, a Afrilu 2025 kuma ya faɗaɗa shi har ya riƙa waiwayen tsofaffin hirarraki. Google da Anthropic da Meta su ma sun fito da irin nasu. Abin lura shi ne injin bai sauya hali ba. Manhajar ce ke rubuta 'yan gajerun bayanai game da mutum, irin su sana'arsa da harshen da ya fi so, ko kuma ta binciko gutsattsarin tsofaffin hirarraki da take ganin sun dace, ta liƙa su a saman sabuwar hirar inda mai amfani ba ya gani. Injin ya karanta su tare da tambayar, ya amsa kamar tsohon sani.

Daga nan iyakokin tsarin suke fitowa. Zaɓe ake yi, ba komai ake ɗauka ba. Manhajar za ta iya adana cewa yaron yana kiwon kaji, ta bar adadinsu da kwanakinsu, waɗanda su ne ainihin abin da lissafin ke buƙata. Binciken tsofaffin hirarraki kuma yakan dogara ne da kamannin ma'ana, don haka tambaya gajera irin ta yaron ba lalle ta janyo hirar da ta dace ba. Bayan haka, tsarin bai isa ga kowa a lokaci guda ba: kamfanoni sukan fara da masu biya da wasu ƙasashe, sannan su sauko ga masu amfani kyauta, wani lokaci da nau'i mai rauni.

Sauran dalilan na yau da kullum ne, kuma su suka fi yawa. Wani yana amfani da manhajar ba tare da ya shiga asusu ba, to babu inda za a adana masa komai. Wani yana da asusu biyu, ɗaya a waya ɗaya a kwamfutar shagon intanet. Wani ya yi hirar a Temporary Chat, wanda aka yi shi musamman don kada ya bar sawu a jerin hirarraki ko a Memory. Wani kuma ya yi tambayar a Meta AI na cikin WhatsApp, wanda ya iso Najeriya a Afrilu 2024, ya dawo yana neman ta a ChatGPT, alhali kamfanoni biyu ne daban da ba sa ganin ma'ajiyar juna.

Inda haɗarin yake

A ganin mai wannan sharhi, rashin sanin ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne injin ba koyaushe yake tsayawa ya nuna bai sani ba. Aikinsa samar da ci gaban magana mai kama da daidai ne, don haka in an bar masa giɓi yakan cike shi da abin da aka fi yawan gani. Kaji 100 adadi ne da ya cika littattafan kiwo, shi ya sa ya fito. Wani lokaci amsar takan nuna cewa misali ne aka ɗauka, amma a layin da mai sauri zai tsallake. Mafi muni shi ne idan mutum ya fara da cewa a ci gaba daga inda aka tsaya makon jiya: injin zai iya bin sa a haka, ya ƙirƙiro abin da wai aka tattauna, cikin lafazi mai cike da tabbaci.

Ana iya gane hakan. Alama ta farko ita ce lambobi zagayayyu, irin su 100 ko 500 ko 1,000, a inda naka lambobin ba haka suke ba. Ta biyu ita ce amsar da za ta dace da kowa, wadda ba ta ambaci ko abu ɗaya da kai kaɗai ka faɗa ba. Uwar ta nuna wa ɗanta cewa amsar tasa ta yau ba ta ambaci mutuwar 'yan tsaki ukun ba, ba ta ambaci kwanakinsu ba, har ma ta kawo maganar kajin ƙwai, waɗanda ba shi da su.

Yaron ya ce to shi ke nan, zai koma tsohuwar hirar ya ci gaba a can. Uwar ta ce hakan ya fi, amma da sauran rina a kaba. "A cikin waccan hirar kajinka kwanansu 14. Yau kwanansu nawa?"

"Ashirin da ɗaya."

"To wa ya gaya mata? Injin ba ya jin wucewar lokaci. In manhajar ba ta liƙa masa kwanan wata ba, saƙon makon jiya da na yau a jere suke a wurinsa, kamar yanzu ka rubuta su. Sai ta yi maka lissafin abincin 'yan kwana 14, alhali sun girma, cinsu ya ƙaru."

Wannan tarkon ya fi na farko wuyar ganewa, domin amsar za ta fito da lamba 47, mutum ya saki jiki. Haka ma bayanin da Memory ya adana yakan tsufa. In yaron ya sayar da waɗannan kaji ya zubo sababbi 80, tsohon adadin zai iya ci gaba da shiga lissafinsa a ɓoye har sai ya gyara.

Maganin da ta ba shi bai wuce layi huɗu ba. Ya ajiye ɗan rubutu a wayarsa mai ɗauke da kwanan watan yau, da adadin kajin da ke raye, da kwanakinsu, da nauyin buhu da farashinsa, ya riƙa sabunta shi duk mako, ya liƙa shi a farkon kowace hira kafin tambaya. Idan hira ta yi tsawo ƙwarai, ya taƙaita abin da aka cimma, ya duba taƙaitawar da idonsa, ya buɗe sabuwa da ita. Littafin lissafinsa na takarda kuma shi ne madogara, domin shi ne kaɗai wurin da adadin da ya ƙirga da hannunsa yake.

Masu son ta tuna da masu gudun hakan

A kan ko ya kamata manhajar ta riƙa tunawa, uwa da ɗa ba su daidaita ba, kuma saɓaninsu shi ne saɓanin da ke tsakanin masana. Yaron yana ganin maimaita bayani kullum ɓata lokaci ne da data, musamman ga mai rubutu da babban yatsa a ƙaramar waya. Yana da hujja. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar JAMB zai amfana da manhajar da ta san inda yake da rauni, haka ɗan kasuwar da ke lissafin kaya iri ɗaya duk mako. Kamfanonin ma wannan ɓangaren suke, kuma ba don Allah kaɗai ba: wanda manhaja ta san shi sosai zai yi wuya ya bar ta ya koma wata.

Uwar kuwa ta tuna masa cewa wayar da yake amfani da ita ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙanwarsa na yin aikin makaranta da ita, ita ma takan karɓa. A gidaje da yawa haka abin yake, waya ɗaya, asusu ɗaya, hannu da yawa. Manhajar ba ta san wa ke riƙe da wayar ba. In tana tunawa, za ta gauraya bayanan mutum uku ta ɗauka na mutum ɗaya ne, kuma tambayar da wani ya yi a asirce game da bashi ko ciwo ko matsalar aure za ta iya leƙowa a amsar da aka bai wa wani.

Tarihin 'yan shekarun nan ya ba ta goyon baya. A ranar 20 ga Maris, 2023, wata tangarɗa a ChatGPT ta sa wasu masu amfani suka ga kanun hirarrakin wasu. A ƙarshen watan hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da manhajar a ƙasar, sai a ƙarshen Afrilu aka dawo da ita bayan kamfanin ya yi gyare-gyare. A shekarar ne kuma Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun liƙa bayanan sirrin kamfanin a ciki. Duk waɗannan sun faru ne a lokacin da manhajar ba ta da tsarin tunawa ko kaɗan, abin da ke nuna cewa mantuwar injin ba ta nufin rubutun ya gushe. Yana can a ma'ajiyar kamfani.

Matsayin da ya fi ƙarfi a tsakani shi ne a bar tunawa, amma ta kasance a fili, mutum ya iya ganin abin da aka adana game da shi, ya gyara, ya goge. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yuni 2023, ta bai wa mutum haƙƙin neman sanin bayanansa da ke hannun wani, da neman a gyara su ko a goge su. Tilasta wa kamfanin da ke wata nahiya bin wannan doka aiki ne mai wuya, amma haƙƙin yana nan a rubuce.

Abin da ke tafe

Alamu sun nuna tsarin tunawa zai ci gaba da yaɗuwa, kuma a manhajoji da dama a kunne yake zuwa sai mutum ya kashe. Ke nan ƙorafin zai juya. Maimakon a tambayi me ya sa ba ta sani ba, za a fara tambayar ina ta samo wannan. Kurakuran ma za su sauya kama: giɓin da ake cikewa da kaji 100 zai ragu, tsohon bayanin da ke shiga lissafi ba a sani ba zai ƙaru, kuma na biyun ya fi wuyar kamawa. Masu rubutu da Hausa za su fi saurin cika iyakar hira saboda yawan tokin, don haka taƙaitawa da sabunta bayani ya fi zama dole a kansu.

Mai son sanin halin da asusunsa ke ciki a ChatGPT zai shiga Settings, ya zaɓi Personalization, ya duba Memory, inda zai ga ko a kunne yake, da jerin abubuwan da aka adana. Izinin amfani da hirarraki wajen horo yana wani wurin daban, a Data controls, kuma kashe ɗaya ba ya kashe ɗayan. Goge hira daga jerin gefe ba ya goge bayanin da Memory ya riga ya cira daga cikinta. Wanda ke son abu ya fita gaba ɗaya sai ya goge hirar, sannan ya shiga Memory ya goge bayanin a can ma, kuma a ƙa'idar da kamfanin ya bayyana, hirar da aka goge takan ɗauki har kwana 30 kafin ta fita daga ma'ajiyarsa.